Mota Ta Ninka Shan Mai: Wa Za a Tuhuma?

Gabatarwa

A ƙasarmu ta Gwaram da Birnin Kudu, kamar yadda yake a sauran ƙasar Hausa, da wuya ka sami mai mota wanda zai iya gaya maka lita nawa motarsa take sha a tafiyar kilomita ɗari. Abin da ya sani shi ne kuɗi: man naira kaza yana kai shi wuri kaza ya dawo da shi. Wannan lissafi ya yi wa mutane aiki muddin farashi yana zaune wuri ɗaya. Amma tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, sa'ad da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da sauyawa bayan haka. Daga nan lissafin kuɗi ya rikice, har ya zamana mutum ba ya iya rarrabewa tsakanin tsadar mai da ɓarnar mai.

Idan kuwa ta tabbata mota ta ninka shanta farat ɗaya, akwai abubuwa huɗu da aka saba ɗora wa laifi a gareji, su ne sensar oksijin, da injekta mai ɗiga, da birki mai riƙewa, da ƙarancin iskar taya. Abin da nake so in nuna a wannan maƙala shi ne, waɗannan huɗu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Kowannensu yana da iyakar abin da zai iya ci, kuma kowannensu yana barin sawu irin nasa. Wanda ya san iyakar, ya kuma san sawun, ba zai sayi kayan gyaran da ba ya bukata ba. Zan yi bayanin ne ta kan motar kawuna da ke Kwandiko, domin a gabana aka yi binciken tun daga farkonsa har ƙarshensa, a daminar 2024.

Awo Kafin Zargi

Motar Kawu Toyota Corolla ce ta farkon shekarun 2000, irin wadda ake shigowa da ita daga Amurka, mai inji lita 1.8, da silinda huɗu, da tanki mai cin lita 50. Da ita yake cin kasuwar Sara, da ita yake kai marasa lafiya na gida asibiti a Birnin Kudu, wani lokaci kuma ya bi ta Wudil ya shiga Kano. Ita ce jarinsa, ita ce kuma jakin dangi duka. A tsakiyar watan Agusta ya fara kuka da cewa man da a da yake yi masa mako guda yanzu ba ya wuce kwana uku ko huɗu.

Makanikin da ya fara dubawa bai ko buɗe inji sosai ba, sai ya ce, "Alhaji, injektocin nan sun gaji. A sauya su duka huɗu, a haɗa da famfon mai." Da Kawu ya ji kuɗin, sai ya dawo gida shiru. Ni kuwa ina hutu a lokacin, sai na roƙe shi ya ba ni mako biyu mu auna abin kafin a taɓa komai. Ya ce, "To, ɗana, ai kai ne ɗan boko. Amma ka sani kowace rana kuɗi ne ke ƙonewa."

Hanyar awon ba ta da wuya. Ana zuwa gidan mai a cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, a rubuta lambar da ke kan agogon tafiya. Sai a yi zirga-zirgar da aka saba, sa'an nan a koma famfon nan dai a sake cikawa. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da mota ta sha. A raba ta da nisan da aka yi, a ninka da ɗari. Abu biyu ne kawai za a kiyaye. Na ɗaya, kada a ƙara mai a tsakani daga galan ɗin 'yan bumburutu, domin ba a san ainihin abin da galan ya ɗauka ba. Na biyu, agogon motocin Amurka mil yake ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne da 'yan kai. Wanda ya ɗauki mil a matsayin kilomita zai ga motarsa tana shan mai fiye da gaskiya da sama da rabi.

Muka yi haka. A tafiyar kilomita 300 motar ta sha lita 45, watau lita 15 ke nan a kowace kilomita ɗari. Irin wannan mota kuwa, idan tana da lafiya, a hanyoyinmu takan sha wajen lita 8, kuma wannan ya dace da abin da Kawu ya tuna na zuwansa Kano a da. Ashe kukansa gaskiya ne, ba tsada kaɗai ba ce. Lita 7 ce take salwanta a kowace kilomita ɗari. A lokacin muna sayen lita a kan naira 900, saboda haka asarar ta kama naira 6,300 a kilomita ɗari, ko naira 63,000 a wata idan ya yi kilomita dubu.

Kafin mu shiga inji sai da muka kawar da zato mafi sauƙi, watau ko man yana fita ne ba tare da ya shiga inji ba. Muka ajiye motar a kan busasshiyar ƙasa, aka tayar da ita, muka leƙa ƙarƙashinta daga tanki har gaba muna bin bututun mai. Babu jiƙa, babu warin fetur. Makulli kuma a aljihun Kawu yake kwana. To, mai dai inji ne yake shan sa.

Taya: Ƙaramin Ɓarawo

Mun fara da taya domin ita ce mafi arha. Tayar da ba ta da isasshiyar iska takan baje a ƙasa, gefenta ya riƙa lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, ƙarfin da ya kamata ya tura mota gaba ya koma zafi a jikin roba. Wannan gaskiya ne, amma mai karatu ya lura da girman abin. Ƙiyasin da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta bayar shi ne, duk awo ɗaya na psi da ya ragu a tayoyin duka yana ƙara shan mai da kimanin kashi 0.2 cikin ɗari. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda da masu ƙera motar suka manna, ta ce 30. Mai faci ya auna da safe kafin tayoyin su yi zafi, ya sami 22 a uku, 20 a ɗaya. Ke nan an rasa wajen awo takwas zuwa tara, wanda bai wuce ƙarin kashi biyu cikin ɗari ba. A cikin lita 7 da muke nema, taya ba ta ci ko rubu'in lita ba.

Ba ina cewa a bar taya babu iska ba ne. Tayar da ke tafiya a haka takan cinye gefe-gefe, tana kuma iya fashewa a kan kwalta mai zafi, wannan kuwa maganar rai ce. Abin da nake cewa shi ne, duk wanda ya ce maka iskar taya ce ta ninka shan mai, bai yi lissafi ba.

Birki: Ɓarawon da ke Barin Zafi

Na tambayi Kawu ko akwai abin da ya faru da motar kafin ta sauya hali. Hausawa sun ce kada ka dubi inda ka faɗi, dubi inda ka yi tuntuɓe. Ya yi tunani, sa'an nan ya ce a farkon watan, yana dawowa daga Sara bayan ruwan sama mai yawa, ya ratsa wani kwari da ruwa ya cika har ya kusa kai ƙofa. Motar ba ta mutu ba, shi ya sa bai ɗauki abin a bakin komai ba. Amma bayan 'yan kwanaki ya ji ta yi nauyi, tana kuma ɗan jan sitiyari zuwa hagu, ya zaci saitin ƙafa ne ya goce saboda ramuka.

Birkin gaba na wannan mota faranti ne na ƙarfe wanda ke juyawa tare da taya, da wani maƙoshi da makanikai ke kira kalifa, wanda ke matse farantin da takalma biyu idan an taka birki. Kalifar tana zamewa ne a kan ƙusoshi biyu masu giris, waɗanda aka lulluɓe da 'yar roba don kada ruwa da ƙura su shiga. Idan robar ta yage, ruwan laka ya shiga, sai giris ya wanke, tsatsa ta kama. Daga nan idan an taka birki zai matse, domin ƙarfin man birki ya fi ƙarfin tsatsa, amma idan an ɗaga ƙafa ba zai saki duka ba. Sai mota ta zama kamar jakin da ake kora ana kuma riƙe da wutsiyarsa.

Duk man da birki ya ci, zafi yake zama, don haka zafi ne sawunsa. Muka hau kwalta muka yi tafiyar kilomita goma ba tare da yawan taka birki ba, sa'an nan Kawu ya bar motar ta gangara har ta kusa tsayawa da kanta. Na bi ƙafafun huɗu ina kusantar da bayan hannuna, ba tare da na taɓa ba, domin irin wannan ƙarfe yana iya sale fata. Uku suna da ɗumi kawai. Ta gaba ta hagu kuwa tana huci kamar tanda, tana warin ƙuna, da muka yayyafa ɗan ruwa a kan ƙarfen sai ya yi cuu ya ƙafe nan take. Da muka ɗaga motar da jak, tayar dama ta juya da hannu ɗaya, ta hagu kuwa sai da hannu biyu, kuma da an sake ta sai ta tsaya cak.

A nan akwai gwaji ɗaya da ya kamata kowane mai mota ya sani, domin yana hana sayen abin da ba shi ne ya lalace ba. A jikin kalifa akwai ɗan ƙaramin noti da ake kwancewa a fitar da iska daga man birki. Idan aka sassauta shi, mai ya yi tsartuwa, taya ta saki nan da nan, to matsin mai ne ya maƙale, laifin kuwa yana ga tiyon birki da ya toshe daga ciki ko kuma babban famfon birki. Idan kuwa an sassauta amma taya tana nan a riƙe, to ƙarfe ne ya cije, watau ƙusoshin ko fistin kalifar. Tamu ba ta saki ba. Da aka kwance, sai ga ƙusa ɗaya ta yi ja da tsatsa, robarta a yage, takalmi ɗaya ya cinye saura kaɗan alhali ɗan'uwansa yana da sauran nama. Aka goge ƙusoshin, aka sa giris irin na birki da sabuwar roba, aka sauya takalman ƙafafun gaba duka biyu, domin ba a sauya na gefe ɗaya a bar ɗaya.

Muka sake cika tanki muka auna. A kilomita 200 ta sha lita 23, watau 11.5 a ɗari. An sami sauƙi babba, amma har yanzu da sauran rina a kaba.

Injekta: Wadda Aka Fi Zargi

Injekta ita ce 'yar na'urar da ke fesa fetur a bakin kowace silinda. Wuta ce take buɗe ta na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, sa'an nan ta rufe. Idan datti ya maƙale a bakinta, ko bakin ya cinye, sai ta riƙa ɗiga ko da a rufe take. A ƙasar da mai ke bi ta jarka da mazurari kafin ya shiga tanki, ba abin mamaki ba ne a zarge ta. Amma bari mu yi mata lissafi kamar yadda muka yi wa taya. A ce tana ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa, wanda ɗiga ce mai muni ƙwarai, a kuma ƙaddara ɗigo 20 ne ke cika mililita ɗaya. A awa guda ta zubar da mililita 180 ke nan. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana shan lita 8 a ɗari, tana ƙona kusan lita biyar a wannan awar. Ɗigar ba ta kai kashi huɗu cikin ɗari ba. Injektar da za ta ninka shan mai sai dai wadda ta maƙale a buɗe, ita kuwa ba ta ɓoyuwa: inji zai riƙa karkarwa, salansa ta riƙa fitar da ɗanyen fetur, motar ma da ƙyar za ta yi tafiya.

Sawun injekta mai ɗiga guda uku ne. Na farko, mota takan tashi lafiya da safe, amma idan an kashe ta da zafinta aka dawo bayan minti ashirin ko talatin sai ta yi ta gardama, ta tashi da baƙin hayaƙi, domin man da ya ɗiga ya taru a ciki. Na biyu, baƙin mai yakan yi warin fetur, ya tsinke, har ma ya ƙaru a kan sandar awo maimakon ya ragu. Na uku, idan aka kwance fulogi huɗun aka jera, ɗaya ne zai fita daban, baƙi kuma a jiƙe, domin da wuya injekta huɗu su lalace rana ɗaya.

Don mu tabbatar, muka kai motar wurin wani makanike a Birnin Kudu wanda yake da agogon auna matsin mai da kuma na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota. Ya ɗaura agogon a bututun mai. Inji yana aiki ya nuna 46, ƙa'idar wannan inji kuwa tsakanin 44 ne da 50. Aka kashe, muka zuba wa allurar ido. Ƙa'ida ita ce kada ta sauka ƙasa da 21 cikin minti biyar, tamu kuwa ko 40 ba ta sauka ba. Da akwai ɗiga, ko a injekta ko a famfo, da matsin ya zube. Wannan gwaji na minti biyar shi ya wanke injektoci huɗu da famfon da aka so a sayar wa Kawu. Amma da aka kwance fulogi sai muka ga abin da ya ɗaure mana kai: duka huɗun baƙi ƙirin, a bushe, kamar gindin tukunya. Ke nan kowace silinda tana samun mai fiye da kima, kuma daidai wa daida. Abin da ke ba su umarni gaba ɗaya shi ne ya kamata a bincika.

Sensar Oksijin: Shaidar da Ake Yanke Hukunci da Bakinta

Fetur yana ƙonewa sarai ne idan an gauraya awo ɗaya nasa da awo 14.7 na iska, bisa nauyi. A motocin da, irin su Fijo 504, kafireto ne yake wannan gauraye, kuma ba shi da hanyar sanin ko ya yi daidai. Motocin yanzu kuwa suna da ƙwaƙwalwa wadda take lissafa iskar da ta shiga, ta buɗe injekta gwargwadonta, sa'an nan ta tambayi wata 'yar na'ura da aka ɗaura a bututun hayaƙi ko lissafin ya yi. Wannan na'ura ita ce sensar oksijin. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya ƙirƙiro ta don motoci, aka fara sa ta a motocin Volvo a 1976.

A cikinta akwai wani ɗan farin dutse irin na tangaran, wanda gefensa ɗaya yake fuskantar hayaƙi, ɗayan kuma iskar waje. Idan ya yi zafi ya wuce digiri 300, sai ya riƙa ba da 'yar wuta gwargwadon bambancin oksijin da ke tsakanin gefen biyu. Idan mai ya yi yawa, oksijin ya ƙare a hayaƙi, sai ta nuna wajen 0.9 na bolt. Idan mai ya yi kaɗan, oksijin ya yi saura, sai ta nuna wajen 0.1. Mai lafiya ba ta tsayawa wuri ɗaya, kullum tana hawa tana sauka, domin ƙwaƙwalwa tana ƙara mai tana ragewa bisa abin da ta ji. Sababbin motoci suna da wata iri wadda ake karanta ta daban, amma aikin ɗaya ne.

To, ga inda haɗarin yake. Ƙwaƙwalwa ba ta da ido a cikin inji sai wannan shaida. Idan shaidar ta ce mai ya yi kaɗan, za ta ƙara. Idan ta sake cewa bai isa ba, za ta sake ƙarawa, har ta kai iyakar da aka yi mata. Wannan ƙari shi ake gani a na'ura da suna biyu, na yanzu-yanzu da na dogon lokaci, kuma a mota mai lafiya jimlarsu ba ta cika wuce kashi goma sama ko ƙasa ba. Tun daga 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da soket iri ɗaya a ƙarƙashin sitiyari inda ake karanta waɗannan abubuwa. Ga abin da na'urar ta nuna bayan inji ya yi zafi:

```
P0171     System Too Lean (Bank 1)
ECT       86 °C
O2S B1S1  0.08 V
O2S B1S2  0.87 V
STFT      +19.5 %
LTFT      +17.2 %
```

Layin farko yana cewa mai ya yi wa inji kaɗan. Layuka biyu na ƙarshe suna cewa ƙwaƙwalwa ta ƙara kusan kashi 37 cikin ɗari don ta cike giɓin. Yaron makaniken yana ganin haka ya ce, "Oga, ai ga shi nan, mai ne ba ya isa, famfo ne." Maigidansa ya ce masa, "Kai, na'ura ba ta ce famfo ba. Ta gaya maka abin da sensa ta ce ne kawai. Je ka sa yatsa a bakin salansa." Yaron ya dawo da yatsa baƙi.

Wannan shi ne zuciyar al'amarin. Lambar P0171 tana iya zama gaskiya. Idan iska tana satar hanya ta shiga inji ta wani tsagi, ko na'urar auna iska ta yi ƙura, ko famfo ya yi rauni, to lalle mai ya yi kaɗan, ƙarin da ƙwaƙwalwa ta yi kuwa gyara ne, ba ɓarna ba. A irin wannan hali fulogi yakan fito fari-fari, shan mai kuma ba ya tashi sosai. Amma a motar Kawu shaidu uku sun ƙaryata sensar gaba: fulogi baƙi, bakin salansa baƙi, sensa ta biyu da ke can baya a bututun nan dai tana nuna 0.87, watau mai ya yi yawa. Makaniken ya ƙara gwaji biyu. Ya duba bututun hayaƙi daga inji zuwa sensar ko akwai tsagi, domin tsagi a nan yakan tsotso iskar waje ya yaudari sensa mai lafiya. Bai sami komai ba. Sa'an nan ya taka totur da ƙarfi sau uku, abin da kan sa mai lafiya ta yi tsalle ta wuce 0.8. Tamu ba ta motsa daga inda take ba. Da aka kwance ta aka girgiza, sai muka ji wani abu yana ƙara a ciki. Dutsen ya fashe, kuma ba a bukatar dogon tunani a gane abin da ke faruwa idan ruwan kwari mai sanyi ya dira a kan tangaran mai zafin ɗaruruwan digiri.

Mai karatu zai tambaya, ina fitilar gargaɗi da ke kan allon direba? Tana nan, a kunne. Sai dai ta shekara biyu a kunne saboda wani ƙaramin dalili da ba a gyara ba, har ido ya saba da ita. Mai gadin da kullum yake ihu, ranar da ɓarawo ya zo ba wanda zai fito.

Layi na biyu a allon ma yana da amfani, domin ya wanke wani da ba ya cikin huɗun nan amma ya kamata a riƙa tuhumarsa a ƙasarmu. Makanikai da yawa sukan cire tamostat, su haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasarmu da zafi. Injin da bai kai zafinsa ba kuwa ƙwaƙwalwa tana ba shi ƙarin mai, kamar yadda ake jan cok a tsohuwar mota, abin kuma ya fi muni da sanyin hunturu. Haka nan idan sensar zafin ruwa ta yi tsatsa a soket, takan ce inji da sanyi alhali ya yi zafi. Tamostat na wannan inji yana buɗewa ne a wajen digiri 82, don haka 86 da muka gani daidai ne.

Aka sa sabuwar sensa mai lambar da ta dace da injin, aka goge abin da ƙwaƙwalwa ta koya, aka wanke fulogi, aka kuma juye baƙin mai domin fetur ya riga ya gurɓata shi. A awo na uku motar ta sha lita 21 a kilomita 250, watau 8.4.

Kammalawa

Idan muka jera awon uku za mu ga yadda ninkin ya samu. Sensa ta ɗaga sha daga 8.4 zuwa 11.5, ƙarin kashi 37 cikin ɗari. Birki da taya suka ɗaga shi daga 11.5 zuwa 15, ƙarin kashi 30. Abin lura shi ne, ɓarnar ba tara ta ake yi ba, ninka ta ake yi, domin duk ƙarin aikin da birki ya ɗora wa inji, da gurɓataccen gauraye aka biya shi. Babu ɗaya daga cikin huɗun da ya isa ya ninka shan mai shi kaɗai alhali mota tana tafiya kamar lafiya lau. Saboda haka idan awo ya nuna ninki na gaskiya, a nemi ɗaya daga cikin biyu: ko mai yana zuba a waje, ko kuwa laifi ya fi ɗaya. Idan kuma abin farat ɗaya ya zo, a tambayi ranar da ya fara da abin da ya faru a ranar, domin sau da yawa sababi guda ne yake haifar da laifuffukan duka, kamar yadda kwari ɗaya ya kashe sensa ya kuma cije birki.

Tsarin binciken ma yana da muhimmanci. Awon tanki, da leƙa ƙarƙashin mota, da iskar taya, da jin zafin ƙafafu, duk ba sa cin kuɗin kirki, kuma mai mota da kansa zai iya yin su a ƙofar gidansa. Kwance fulogi da auna matsin mai aikin rabin awa ne. Sai bayan waɗannan ne ake zuwa ga na'ura, kuma ko an je, abin da ta faɗa ji-ta-ji-ta ne har sai fulogi da salansa sun gaskata shi. A wurin da kuɗin injekta huɗu ya kai abin da magidanci zai ciyar da iyalinsa na wani lokaci mai tsawo, bai kamata a sayi ko ɗaya ba sai an kama ta da hujja.